Mai saye ya ce ya ga irin kayana da arha a wani wuri, me zan ce masa?

Sani Mai Sola:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni daɗewa a kasuwanci. Batirin sola nake sayarwa. Wani bawan Allah yana son guda 4 masu 200Ah, mun yi nisa da magana har ya ce in shirya kai masa, sai yau ya turo min saƙo wai ya samu irinsa sak a wani wuri da arha, in zan ba shi a haka to, in ba haka ba zai je can. Don lissafi ya yi sauƙi zan ɗora komai a kan 100. Ina sayar da ɗaya a kan 100. Sari yana tsaya min 78, ɗauko shi zuwa wurina 4, kai wa mai saye da haɗa masa kuma 3, jimla 85 ke nan. Shi kuma ya ce wancan ya bar masa a kan 88. Har yanzu ban ba shi amsa ba. Ba na son cinikin ya kuɓuce, kuma ba na son in yi wahalar banza.

Nura:
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina ka sallama masa kawai. Ribarka 15 ce a kan 85, wato kusan kashi 18 cikin ɗari. Shi kuma ragin kashi 12 yake nema. Ka ga ai da sauran kusan kashi 6 a hannunka, kuma guda 4 zai ɗauka. Kuɗi a hannu ya fi kaya a ajiye, jarinka ya juya ka sake saro wasu.

Baba Alhaji:
Nura, ɗana, maganarka ta juya jari gaskiya ce, amma lissafin ya zame maka. Kashi 18 ɗin nan a kan uwar kuɗi ka auna shi, kashi 12 kuma a kan farashin sayarwa. Ma'auni biyu ne daban, ba a cire ɗaya daga ɗaya. Ka bar maganar kashi, ka dubi tsabar kuɗin. Ribar Sani 15 ce a kowane batir. In ya sauko zuwa 88, ya cire 12 daga cikin 15, saura 3. A guda 4 da zai ci 60, yanzu zai tashi da 12. Ragin da mai saye yake gani ɗan kaɗan ne ya cinye kashi huɗu cikin biyar na ribar, domin dila ba zai rage masa kuɗin sari ba, mai mota ma ba zai rage ba. Duk abin da aka rage, daga riba kaɗai yake fita. Kafin Sani ya mayar da abin da batir ɗaya yake kawo masa a da, sai ya sayar da biyar a sabon farashin, kuma kowanne a cikin biyar ɗin nan yana ɗauke da garantin da zai iya dawo masa da ciwon kai.

Sani, kada ka taɓa farashi tukuna. Ba ka ma san abin da ake gwada ka da shi ba. Mutum ya ce "irinsa sak", to wannan kalmar ce za ka fara bincika. Ka tura masa saƙo cikin mutunci, kamar haka: "Na gode da ka sanar da ni maimakon ka tafi shiru. Don Allah turo min hoton takardar da ke jikin batirin, da abin da farashin ya ƙunsa, in duba. In abu ɗaya ne zan gaya maka gaskiya." Shi ke nan. Ba ka ƙaryata shi ba, ba ka kuma yi alkawarin komai ba.

Nura:
Na gane lissafin, Baba. Amma neman hoto ba zai zama kamar an ce masa maƙaryaci ba? Wasu mutanen suna da saurin fushi.

Baba Alhaji:
Ya danganta da yadda aka nema. In ka ce "kawo shaida", ka ja faɗa. In ka ce "bari in duba maka ko iri ɗaya ne", ka zama mai taimakonsa. Kuma ka lura da wani abu: mutumin da ya samu kaya iri ɗaya da arha, yana da kuɗinsa a hannu, me ya hana shi zuwa ya saya? Dawowar da ya yi wurin Sani tana nuna akwai abin da yake so a nan wanda bai tabbata zai samu a can ba. Ko dai yarda ce, ko haɗawar da za a yi masa, ko kuma zuciyarsa ba ta kwanta da wancan kayan ba. Mai sayarwa da ya firgita ya yi ragi nan take ya zubar da wannan damar, kuma ya koya wa mai saye cewa farashin farko ba na gaskiya ba ne. Gobe in ya dawo, da wannan maganar zai fara, ko ya ga arha ko bai gani ba.

Talatu:
Ni kam wallahi ban ga laifin mai saye ba. Kowa da guminsa ya samo kuɗinsa, dole mutum ya zagaya ya tambaya kafin ya saya. Masu kaya da yawa suna tsawwalawa, in ba ka ce ka ga arha ba ba za su taɓa saukowa ba. Ku daina ganin kamar mai saye ne mugu.

Maman Ummi:
'Yar'uwa Talatu, ba wanda ya ce mai saye ya yi laifi fa. Sani tambaya yake yi yadda zai amsa ba tare da ya cuci kansa ko ya cuci mutumin ba. Amma akwai abin ɗauka a maganarki: yawancin masu faɗin haka ba ƙarya suke yi ba, tsoron kada a cuce su ne yake sa su magana. Shi ya sa amsar "to je ka can ka saya mana" take ƙona min rai in na ji ta a bakin mai kaya. Ko kai ne da gaskiya, ka kori mutum, kuma zai ba wasu labari.

Injiniya Bala:
Malam Sani, tunda batir ne bari in sa baki, aikina ke nan. Rubutun 200Ah shi kaɗai ba ya nuna batira biyu ɗaya ne. In hoton ya zo, ka fara duba ko an rubuta C10 ko C20 kusa da lambar. Wanda aka auna a C20, ana nufin zai ba da amfiya 10 na tsawon awa 20. Wanda aka auna a C10 kuwa zai ba da amfiya 20 na tsawon awa 10. A takarda duka 200 ne, amma batirin darma in aka ja wuta da ƙarfi a jikinsa, abin da yake iya bayarwa raguwa yake yi. Don haka mai 200 a C20, in ka ja shi da ƙarfin da ake jan na C10, ba zai kai 200 ba. Na C10 ɗin ya fi shi ƙarfi, yawanci ya fi shi nauyi don darmar cikinsa ta fi yawa, kuma ya fi shi tsada tun daga kamfani.

Sai ranar da aka ƙera shi. Irin wannan batirin ko ba a amfani da shi cajinsa yana zubewa a hankali, in ya daɗe a ajiye ba a yi masa caji ba farantan ciki suna kama gishiri, ƙarfinsa ya ragu tun ba a fara aiki da shi ba. Mai kayan da batir ya kwana masa watanni da yawa zai iya karyar da shi don ya rabu da shi. Gwajin ba wuya: a sa mita a kan batirin da ya huta ba a jone da komai ba. Batir mai bolt 12, in yana da lafiya da cikakken caji, zai nuna wajen bolt 12.6 zuwa 12.8. In ya nuna ƙasa da 12.4, a tambayi yaushe rabon da a yi masa caji. Na ƙarshe garanti: wata nawa ne, kuma wa zai ɗauki nauyi in ya lalace, kamfani ko mai shago?

Sani Mai Sola:
Allah ya saka da alheri. Nawa C10 ne, garantin wata 24, kuma ni nake karɓa in kai wa dila in an samu matsala. Na tura masa saƙon kamar yadda Baba ya tsara. Ya karanta, ina jira.

Ɗanjuma:
Ni fa a nawa tunanin duk wannan dogon zance ne. Ka gaya masa kai tsaye cewa na wancan jabu ne, arha ba ta ado. Mutane tsoron jabu suke yi, da ka faɗa zai dawo. In kuma ka san mai shagon, ka kira shi ku zauna ku daidaita farashi ɗaya, kowa ya huta. Wannan karya farashin shi yake kashe kasuwa.

Baba Alhaji:
Ɗanjuma, duka biyun ba na goyon bayansu, kuma zan faɗi dalili. Sani bai ga kayan wancan mutumin ba. In ya ce jabu ne ya yi masa ƙazafi, ya ɗauki alhaki. Ko ta fuskar ciniki kaɗai ma asara ce: mai saye zai iya zuwa ya duba ya tarar kayan na gaske ne, daga ranar kuma duk abin da Sani ya faɗa masa game da nasa kayan ya zama abin shakka. Ka yi magana a kan abin da ka sani, wato naka kayan. Abin da ba ka sani ba ka mayar da shi tambayar da mai saye zai je ya yi da bakinsa: "Tambaye shi garantin wata nawa ne, kuma a rubuce zai ba ka?" In akwai rauni a can, shi da kansa zai gano, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa a rai.

Maganar haɗa baki a kan farashi kuma, ka kiyaye ta. Cutar masu saye ce, kuma a ƙasashe da yawa laifi ne a doka. Amurka ta haramta shi tun dokar Sherman ta 1890, Tarayyar Turai ma ta haramta, ƙasashe da dama kuma suna da hukumar da ke bin irin wannan. Ka je ka ga farashin abokin gasarka, ka san shi, wannan ba laifi. Amma ku zauna ku ƙulla cewa ba wanda zai sauka ƙasa da kaza, wannan wani abu ne daban.

Ɗanjuma:
To na ji ta haɗa baki. Amma ta jabu ban sauka ba gaba ɗaya, Baba. Akwai lokacin da farashin da aka faɗa ya yi ƙasa da kuɗin sari ma. Me mutum zai ce in ba jabu ba?

Baba Alhaji:
Sai ka faɗi abin da ka sani ɗin: "Wannan farashin ya yi ƙasa da yadda ni nake saro shi, don haka ka duba da kyau kafin ka biya." Wannan gaskiya ce, kuma ta isa gargaɗi. Domin akwai dalilai na halal da za su sa mutum ya sayar ƙasa da sarinka. Wataƙila tsohon kaya ne da ya saro kafin farashi ya tashi. Wataƙila yana ɗaukar ɗaruruwa kai tsaye daga kamfani, kai kana ɗaukar goma a hannun dila. Wataƙila bashi ya taso shi yana neman kuɗi ido rufe. Wani kuma da gangan yake karyar da abu ɗaya don ya jawo mutane, ya ci ribarsa a kan inbata da waya da kuɗin aiki. A lissafin Sani ma 88 bai yi ƙasa da sari ba, ya haura 82 da kaya suke tsaya masa kafin kaiwa. Mai shagon da ba ya kaiwa, ba ya haɗawa, zai iya sayarwa a haka ya ci 6.

Maman Ummi:
Bari in kawo tawa matsalar, don ita ce ba a taɓo ba. Kayan kicin nake sayarwa ta intanet. Wata kwastomata ta turo min hoton injin markaɗe, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, garanti ɗaya, har kwalin iri ɗaya, a wani babban shago, kuma ya fi nawa arha sosai. Na duba ta ko'ina ban ga bambanci ba. A nan fa ba maganar C10 da C20. Me zan ce mata?

Baba Alhaji:
Hajiya, wannan ita ce tambaya mai wuya, kuma a nan ake gane ɗan kasuwa. Da farko ki haɗa lissafin har ƙofar gidanta. Farashin da ke rubuce a shafi sau da yawa ba shi ne abin da zai fita daga aljihu ba: akwai kuɗin kawowa, akwai kwanakin jira, akwai wanda zai biya kuɗin mayarwa in ya zo a fashe. Sannan ki tabbatar kayan yana nan a ƙasa, don wasu suna barin tsohon farashi a kan abin da ya ƙare. In bayan duk wannan har yanzu ya fi naki arha, to ki amsa cewa ya fi. Kada ki ƙirƙiro bambancin da babu shi.

Daga nan hanya biyu ce. Ko ki rage gwargwadon abin da za ki iya, ko ki ce mata, "Gaskiya farashin nan mai kyau ne, ni ba zan iya kaiwa can ba. In kin saya a can ba komai, ki dai duba garantin kafin ki biya." Za ki rasa cinikin injin ɗaya, amma matar nan ta ga kin gaya mata gaskiya a lokacin da gaskiyar ta ci ki. Sannan ki koma ki tambayi kanki: in mutum uku, huɗu suka zo da magana ɗaya a kan kaya ɗaya, to matsalar ba a bakin masu saye take ba, a wurin sarinki take. Ki nuna wa dilanki hoton ki nemi ragi, ko ki canza dila, ko ki bar wannan kayan ki koma kan wanda manyan shaguna ba su damu da shi ba.

Maman Ummi:
Baba, na yarda da rabin maganar. Amma cewa in tura ta can da bakina, wannan ya yi min nauyi. Ranar da ta shiga wancan shagon ta ga tukwane da filas, wa ya ce za ta dawo wurina? Ni na fi ganin in sayar mata a kan uwar kuɗi ko da ban ci komai ba, in dai ta zauna a hannuna.

Baba Alhaji:
Ban ce kuskure ba ne. In tsohuwar kwastoma ce mai saye duk wata, abin da za ki ci a jikinta cikin shekara ya fi ribar injin ɗaya nesa ba kusa ba, sai ki yi. Amma ki gaya mata a fili cewa na wannan karon ne, saboda zaman tare. In ba ki faɗa ba, sabon farashin ya zama shi ne farashi, kuma ƙawayenta za su zo da shi a bakinsu.

Nura:
To me zai hana mutum ya yi doka ɗaya ya huta: duk wanda ya kawo farashin da ya fi nawa arha, na daidaita da shi? Ai manyan kantuna suna yi.

Injiniya Bala:
Suna yi, amma ka karanta sharuɗɗansu ka gani. Kusan dukkansu sai kaya ya zama kamfani ɗaya da lamba ɗaya, sabo, yana nan a ƙasa a wancan shagon a ranar, kuma farashin ya zama wanda za a iya tabbatarwa. Da yawa ba sa karɓar farashin gwanjo ko na kayan da ake karyarwa don a rabu da su. Kantin John Lewis na Birtaniya ya riƙe irin wannan alkawarin tun 1925, amma bai haɗa da masu sayarwa ta intanet kaɗai ba. A 2022 ya ajiye shi, da ya dawo da shi a 2024 kuma sai ya taƙaita shi ga jerin wasu manyan shaguna 25. In mai jari irin wannan sai da ya kafa shinge, mai ɗaukar batir goma ba zai buɗe ƙofa ga kowane farashi da aka faɗa masa da baki ba. Abin da ƙaramin ɗan kasuwa zai ara a wurinsu sharuɗɗan ne.

Sani Mai Sola:
Jama'a ya turo hoton. Kamfani ɗaya ne da nawa, 200Ah, amma lambar samfurin ta bambanta a ƙarshe, kuma C20 aka rubuta. Ya tambaya an ce masa garantin wata 12 ne, kuma shi zai je ya ɗauka ya nemi mai haɗa masa. Yanzu yaya zan tsara amsar? Ba na son ta zama kamar ina murna na kama shi.

Baba Alhaji:
Madalla da ka yi wannan tunanin. Mutumin bai yi ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ka fara da gaskata shi: kamfani ɗaya ne, kuma kayan na gaske ne bisa ga hoton. Sannan ka nuna masa bambancin guda uku a taƙaice, da hoton takardar naka a gefe don ya gwada da idonsa: ma'aunin ƙarfi, tsawon garanti, da kaiwa da haɗawa. Kada ka cika shi da bayani. Ka mayar masa da tazarar zuwa abin da zai iya aunawa: bambancin 12 ne a kowane batir, a ciki 3 kuɗin kaiwa da haɗawa ne wanda ko ya saya a can sai ya biya wani, ragowar 9 kuma su ne kuɗin ƙarin ƙarfi da ƙarin shekara guda ta garanti.

In ya ce duk da haka a duba masa, to ka duba, amma kada ragi ya fita kyauta. Duk abin da ka sauke, ka karɓi wani abu a madadinsa. Misali, in zai zo ya ɗauka da kansa kuma yana da mai haɗa masa, ka ba shi a 97, ribarka ba ta motsa ba. In zai ɗauki duka 4 ya biya nan take ba saura, za ka iya sauka zuwa 94 ba tare da kaiwa ba: kaya sun tsaya maka 82, ka ci 12 a kowanne, 48 a jimla. Ka gwada da 12 da za ka tashi da shi in ka bi 88. In yana da tsofaffin batira ma ka karɓa a rage masa, tunda darmar cikinsu tana da masu saye. Kafin ka rubuta masa komai, ka yanke wa kanka lambar da ba za ka sauka ƙasa da ita ba, ka rubuta ta a takarda. Wanda ya shiga ciniki bai san ƙasansa ba, a tsakiyar magana ake tura shi.

Kuma in akwai irin na C20 ɗin a wurin dilanka, ka tambayi farashinsa. Mai yiwuwa abin da aljihun mutumin zai iya ke nan, kuma in kayan wutar gidansa ba su da nauyi zai ishe shi. Ka ba shi zaɓi biyu, kowanne da gaskiyar bayaninsa.

Talatu:
Yanzu na fahimci inda aka dosa. Ni a matsayina na mai saye, in aka nuna min takardun biyu gefe da gefe haka, ko ban saya ba zan ji an mutunta ni. Amma Baba, wannan 94 ɗin fa? In zai iya sayarwa a 94, ba sai mutum ya ce da ma can 100 ɗin tsawwalawa ce ba?

Baba Alhaji:
Shi ya sa na ce ragin ya zo da dalilinsa, 'yata. 100 farashin batir ɗaya ne da kaiwa da haɗawa. 94 farashin guda 4 ne, kuɗi hannu, ɗauki da kanka. Ciniki biyu ne daban, kuma duk wanda ya cika sharaɗin zai samu, ba sai wanda ya fi iya matsawa ba. Abin da yake zubar da mutuncin farashi shi ne ka sauko daga 100 zuwa 88 a kan kaya ɗaya da hidima ɗaya don kawai an ɗaga maka murya.

Ɗanjuma:
Ni dai har yanzu ina ganin wanda ya sa arha a gaba ba ya jin bayani. Za ka gama duk wannan ya ce ya gode, ya tafi can.

Maman Ummi:
Zai iya tafiya, Malam Ɗanjuma. Wasu kuɗin ne ba su kai ba, ba taurin kai ba ne. In ya tafi a rabu lafiya, a ce masa in ya buƙaci wani abu ƙofa a buɗe take.

Sani Mai Sola:
Na tura masa bayanin da hotunan biyu, na kuma ba shi 94 da sharuɗɗan. Ya ce ya gane bambancin, amma kuɗinsa ba za su kai guda 4 a wurina ba. Wai zai ɗauki 2 a wurina, 2 a can, ya haɗa su. Ya ce in bar masa biyun a 94.

Injiniya Bala:
Kada ka yarda da wannan haɗin, Malam Sani, ko da a 100 zai biya. Batiran da za su yi aiki a layi ɗaya ana son su zama samfuri ɗaya, ƙarfi ɗaya, shekaru ɗaya. In ka jera mai ƙarfi da mara ƙarfi, ƙaramin ne zai riƙa cika da wuri ya kuma ƙare da wuri, ya riƙa shan wahala har ya mutu, ya ja sauran. Ranar da abin ya lalace kuma wurinka zai fara zuwa da takardar garanti, dila kuma zai iya ƙin karɓa in ya ji yadda aka haɗa su. Ka tambaye shi inbatarsa mai bolt nawa ce. In ta 24 ce, guda 2 naka za su tayar da ita, sai dai awannin da za su ɗauka ba za su kai na 4 ba, kuma in zai ƙara wasu daga baya kada ya bari tazarar ta yi nisa. In ta 48 ce dole sai 4, to gara ya sayi duka huɗun iri ɗaya, ko naka ko na can.

Baba Alhaji:
Kuma 94 na guda 4 ne, ka tuna masa cikin ladabi. Guda 2 in zai ɗauka da kansa 97 ne. Ka samo farashin na C20 daga dilanka kafin ka amsa masa, don in inbatar ta 48 ce ka samu abin da za ka miƙa masa.

Sani Mai Sola:
Na kira dila, ya ce yana da na C20 ɗin, gobe da safe zai turo min farashi. Na tambayi mai sayen ƙarfin inbatarsa, ya ce sai ya koma gida ya duba bayanta ya ɗauko min hoto.